Ranar da Balaraba Ta Goge Mazan Tasha

Balaraba mai hoto ba ta iya sassauta murya ba. Ko gaisuwa take yi, baƙo sai ya waiwaya ya ga da wa ake faɗa. Ni Tanimu tela, shagona da nata bango ɗaya ya raba su a kan hanyar da ta gangara tashar jiragen ruwa ta Wara, kuma sola ɗaya muke ja, don haka na sha faɗanta fiye da kowa a garin nan. In na kunna dutsen guga ba sanarwa kwamfutarta ta ɗauke, ranar har kakannina sai sun ji a jikinsu.

A wata tungar masunta aka haife ta, can cikin ruwa. Ubanta ya so ta zauna ta riƙa ƙyafe kifi kamar yayyenta, ita kuwa ta kafe sai makaranta. Wanda ya riƙa tsallako da ita kowace safiya shi ne Dogo, wani mai kwalekwale ɗan ƙabilar Gungawa, da ake kira Jacob a coci amma ba mai kiransa haka a bakin ruwa. Da ta gama sakandare ta tafi Yelwa ta kama aiki a shagon hoton wani Philip. Shara da yankan fasfo aka ɗauke ta yi. Ita kuwa in maigidan ya zauna gaban kwamfuta sai ta tsaya a kansa, har ya gaji da korarta ya ja mata kujera. Daga nan ta dawo Wara da tsohuwar laftof da kyamara da firinta, ta buɗe nata. Mutane suka ce mace ba ta zaman shago a hanyar tasha, wurin ’yan dako da direbobi. Ta ce to su matsar da tashar.

Fasfo da hoton biki su ne abincinta na kullum, amma aikin da ya fitar da sunanta shi ne share bayan hoto. Baƙi na zuwa Wara ganin ruwa: ’yan bautar ƙasa, ’yan rakiyar amarya, ’ya’yan gari da ke aiki a Abuja. Kowa sai ya tsaya bakin tafki an ɗauke shi, in ya duba sai ya tarar da falwaya ta tsiro masa a ka, ko wata mai tallan kifi ta gifta da tire. Sai su hauro wurin Balaraba a cire musu.

Na sha zama ina kallon yadda take yi, kuma ni tela ban ga bambancinsa da faci ba. Takan zagaye mutumin da layi, ta ɗan bar masa sarari, ba ta matse shi. Sai ta ba manhajar umarni ta cike wurin. Manhajar ba ta san abin da ke bayan mutumin ba, ba ta taɓa ganinsa ba. Gefe da gefe take dubawa ta ɗebo ruwa ko sama ko yashi ta liƙa a ramin, yadda nake yanko ƙyalle daga cikin kalmasar riga in toshe inda ta ƙone. Kafin ta cike, takan shafa kore a kan duk inda za ta ɗebo, Balaraba kuma ta bi ta goge koren daga kan fuskar mai hoton da rigarsa, in ba haka ba sai ka ga kunnen mutum ya fito a tsakiyar tafki. Falwaya ta fi sauƙi in sama ce a bayanta. Wayar wuta kuwa, ta danna a wannan bakin, ta riƙe maɓalli ɗaya ta danna a wancan, sai layin ya ɓace. Inda aikin yake shi ne wurin da falwayar ta ratsa gaɓar tsallake, don nan facin kan karya layin gaɓar, sai ta bi da hannu tana kwafo gaɓa daga kusa tana daidaitawa.

Doka biyu gare ta. Ba ta taɓa aiki a kan asalin hoto, kowane faci a kan nasa leya take sa shi, wato kamar farar leda da aka shimfiɗa a kan hoton, in an ɗage ta abin da ke ƙasa yana nan. Ta biyu, in ta cire mutum sai ta cire shi da inuwarsa, ta ƙasa da ta cikin ruwa. Takan ce wanda ya bar inuwa bai yi aiki ba, ɓarna ya yi.

Ɓarnar kuwa ta zo, amma ba daga hannunta ba.

Wani saurayi Mubarak ya zo daga Kaduna bikin abokinsa. Da safe, ruwa ya kwanta luf ba iska, aka ɗauke shi hoto a bakin tasha. A bayansa akwai falwaya, da wata mata mai wucewa, da Dogo tsaye cikin kwalekwalensa riƙe da gorar tuƙi, sanye da malfarsa mai jan ƙyalle da duk Wara ta sani. Mubarak bai hauro wurin Balaraba ba. Wayarsa na da irin magogin nan da ke zagaye mutanen baya da kansa, ka taɓa su ɓace. Ya taɓa, matar ta tafi, Dogo ya tafi da gorarsa, ya shafa yatsa a kan falwaya ita ma ta tafi. Ya ga hoto ya yi fes, ya ɗora a Fesbuk yana yabon garinmu, ya hau mota ya koma gida.

Abin da bai lura ba, magogin jikin Dogo kawai ya ɗauke. Kwalekwalen yana nan wayam ba kowa a ciki. A ƙarƙashinsa kuma, cikin ruwan, ga Dogo nan a kife, kai ƙasa, da gorarsa da jan ƙyallen malfarsa.

Wani ya zagaye wurin da jan layi ya tura zauren WhatsApp na ’yan ƙaramar hukumarmu ta Ngaski. Kafin la’asar hoton ya shiga kowace waya a tasha. Mu mutanen bakin ruwa ne, kuma ruwan nan ya ci mana mutane, kusan ba gidan da bai taɓa zaman makokin jirgi ba. Tsoron ruwa a wurinmu ba abin dariya ba ne. Sai aka fara tuno cewa uban Dogo shi ke yi wa ruwa yanka a zamaninsa, kafin ’ya’yansa su shiga coci. Aka tuno Dogo bai taɓa kifewa ba duk tsawon shekarunsa, abin da a da ake yaba masa a kai. Ɗangana, wani mai jirgin inji da bakinsa ya fi injinsa ƙara, shi ya ɗaure maganar: ya ce kyamara ta kasa kama Dogo a sama ne don asalinsa na ƙasan ruwa ne, kuma wanda ya shiga jirginsa ya kai kansa.

Matan tungaye da Dogo ke kawowa kasuwa suka fara cewa yau ba su shirya ba. Waɗanda suka zo a jirginsa suka koma a na wani. Ni da idona na ga wata ta fizge ɗanta daga gefen kwalekwalensa. Dogo ba mai magana ba ne. Ya riƙa zuwa kamar kullum, ya kwashe ruwan cikin jirgi, ya zauna har rana ta yi tsaka, ya koma ba fasinja ko ɗaya. Mutumin da jirgin nan ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, amma haushina a kan keken ɗinki ya tsaya.

Na Balaraba bai tsaya ba. Da aka nuna mata hoton ta jawo shi kan laftof ta ƙara girmansa, ta kira ni in gani. Inda Dogo ya tsaya, igiyar ruwa ɗaya ce aka maimaita a jere, iri ɗaya sak. Bakin kwalekwalen ya narke a daidai ƙafafunsa. Gaɓar tsallake ta karye a wuri biyu, inda kansa yake da inda falwaya take. Ta ce ko makaho ya shafa ya san an yi faci.

Ta nemo lambar Mubarak wurin angon ta kira shi. Yaron ya ruɗe, ya yi ta ba da haƙuri, ya sauke hoton nan take. Amma asalin babu: a kansa ya adana gyaran, daga baya kuma ya share wayar don ta cika. Sauke hoton bai hana komai ba, tunda kowa ya riga ya ajiye nasa.

Innarta ta aiko daga tunga cewa ta fita daga maganar, ba addininsu ɗaya ba, ba danginsu ɗaya ba. Balaraba ta ce a gaya wa Inna lokacin da Dogo ke tsallako da ita makaranta ba a tambayi addininsa ba. Ta ɗauki laftof ta gangara rumfar masu jirage, inda shugabansu Alhaji Ibrahim ya tara su kan batun. Na rufe shago na bi ta, don na san za a yi kallo.

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta nuna musu igiyar da aka maimaita da gaɓar da ta karye. Alhaji ya sa tabarau ya duba, na ga alamar ya gamsu. Ɗangana ko leƙawa bai yi ba.

“Wanga zance na mata na,” in ji shi. “Mu abin da munka gani munka gani. Na’ura ba ta ƙarya.”

“Na’ura ba ta ƙarya, Ɗangana?”

“Ba ta yi.”

“To ka riƙe wagga magana da kyau, kak ka yar da ita.”

Alhaji Ibrahim mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ba ya son hayaniya. Ya ce shi bai ce Dogo wani abu ne ba, sai dai fasinja sun tsorata, kuma tsoron zai shafi tashar duka. Don haka Dogo ya janye jirginsa can ƙarshen layi, wajen ciyawa, har ƙura ta lafa. Kowa ya san ma’anar wannan. Ba mai ratsa laka da kaya a ka ya je ƙarshen layi. Dogo, da ke zaune a gefe, ya ce to, ya ɗauki malfarsa ya fita. Ba wanda ya tsaya masa a cikin mazan nan, kuma rabinsu shi ya koya musu riƙon gora.

Washegari da safe na ga Balaraba a bakin ruwa da kyamara. Ta jira sai da iska ta kwanta, masu jirage kowa na tsaye cikin nasa yana jiran lodi, ta ja baya ta ɗauke layin gaba ɗaya, tun daga jirgin Alhaji har can wajen ciyawa inda Dogo yake shi kaɗai. Wasu har gyara tsayuwa suka yi. Ɗangana ya ɗaga mata hannu yana dariya.

Ranar ba ta karɓi fasfo ba, kuma ta gargaɗe ni cewa in na taɓa dutsen guga sai dai wani ba ni ba. Ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta zagaye Alhaji Ibrahim, ta goge koren daga kan jirage da mutanen gefe don kada manhajar ta ɗebo hular wani ta liƙa, ta bar mata ruwa da sama kawai, ta cike. Alhaji ya ɓace. Ta gyara bakin jirginsa da hannu inda ƙafarsa ta rufe katako, ta daidaita gaɓar tsallake, ta wargaza igiyoyin da suka maimaitu. Ta sa facin a leyarsa daban ta rubuta masa sunan Alhaji. Haka ta yi wa na biye, da na biye. Inda mutum biyu suka haɗa kafaɗa ta sha wuya, don ba isasshen ruwa a tsakaninsu da za a ɗebo, sai ta riƙa cirewa kaɗan kaɗan. Inuwarsu ta cikin ruwa kuwa ko taɓawa ba ta yi ba. Karo na farko ke nan da na ga ta karya dokarta, kuma tana yi tana ɗan waƙa.

Da ta buga shi a babbar takardar da firintarta ke iya ɗauka, sai da na matsa na sake dubawa, ni da aka yi a gabana. Jirage a jere ba kowa a ciki. A ƙasansu mazan tasha duka a kife cikin ruwa, kowa ana gane shi, har hannun Ɗangana da ya ɗaga. Mutum ɗaya ne mai jiki a hoton, can ƙarshe wajen ciyawa, da malfa mai jan ƙyalle.

Ta liƙa shi a ƙofar shagonta, inda duk mai gangarawa tasha sai ya gani. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba.

Kafin azahar hanya ta toshe. Mata suka riƙa nuna mazajensu suna riƙe ciki don dariya. Wata tsohuwa ta tambaya da gaske ko duk tashar ce ta zama ta aljanu, aka ce mata ai Balaraba ce ta yi da kwamfuta, ta ce to na Dogo fa, wa ya yi? Duk wanda ya yi gardama Balaraba ta shigo da shi ta nuna masa a laftof: ta kashe leya mutum ya dawo, ta kunna ya ɓace.

Ɗangana ya iso yana huci, ya ce ta cire ko ya yaga.

“Yaga,” in ji ta. “Firinta na nan, takarda na nan. Kai kac ce na’ura ba ta ƙarya. To ga ka nan ƙasan ruwa. Ko ku duka aljannu na, ko babu aljani ko guda. Zaɓi wanda kaka so.”

Ya yaga. Kafin ya kai bakin ruwa ta liƙa wani.

Da yamma Alhaji Ibrahim ya hauro da kansa. Bai yi faɗa ba, ya ce dai abin ya isa, jikokinsa na tsokanarsa a gida. Ta ba shi kujera, ta kawo masa ruwa, ta ce ranka ya daɗe hoton ba zai sauka ba. Amma kowa na da leyarsa. Duk wanda ya je ya kama igiyar jirgin Dogo ya dawo da shi wurinsa na da, ko ya sa iyalinsa suka shiga jirgin a gaban mutane, za ta mayar da shi cikin nasa jirgin ta sake bugawa. Alhaji ya ce wannan ai tsare mutane ne. Ta ce ƙwarai.

Ranar kasuwa Balaraba ta rufe shago, ta ratsa laka har wajen ciyawa da kyamararta a wuya, ta shiga kwalekwalen Dogo ta zauna a tsakiya, ta ce Baba Dogo a kai ta tunga ta gaida Inna. Ni ma na tattare wandona na bi ta, ban san lokacin da na yanke shawarar ba. Duk tashar na kallonmu. Muka je muka dawo, ba abin da ya cinye mu sai sauro, kuma a dawowa Innar tata ce zaune kusa da ita da kwandon busasshen kifi, tana ta mita.

Alhaji ne ya fara kama igiyar. Washegari ya bayyana a hoto, tsaye cikin jirginsa. Daga nan abin ya zama abin kallo a Wara, kowace safiya a tsaya a ga wa ya dawo. Wasu kunya ta kawo su, wasu matansu suka koro su. Ba zan ce tsoron ya fita daga zuciyar kowa ba, har yau akwai matan da in sun ga malfar Dogo sai su jira jirgi na gaba. Amma jirginsa ya koma tsakiyar layi, kuma yana tashi da lodi.

Tun daga lokacin Balaraba ta ƙara doka ta uku. Baƙo ya kawo hoto, za ta cire masa falwaya da waya da mai tallan da ta gifta, har inuwarsu. Amma ba ta cire mutum daga cikin jirginsa. Ko a cire shi da jirgin da inuwar gaba ɗaya, ko a bar shi yadda Allah ya ajiye shi. Wanda bai yarda ba ta nuna masa hanyar Yelwa.

Jirgi ɗaya ya rage wayam a hoton. Ɗangana bai kama igiya ba, bai ba da haƙuri ba, in zai gangara tasha ma sai ya zagaya ta bayan masu gyaran inji. Tsohuwarsa ta shiga jirgin Dogo da gangan ranar kasuwa, ta aiko a gaya wa Balaraba. Balaraba ta ce a gaishe da Inna, amma ba ita aka goge ba.

Rannan Dogo da kansa ya hauro shagon, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire malfa, ya daɗe yana kallon jirgin da ba kowa, da hannun nan da ke ɗage a cikin ruwa.

“Ɗiyata, mai da shi,” in ji shi. “Ni na san yadda abin nan yake. Ba shi da daɗi.”

Na tsayar da keke don in ji me za ta ce. Ta buɗe laftof ta juyo masa da ita, ta nuna masa leyar da ke ɗauke da sunan Ɗangana, ta ce dannawa ɗaya ce, ba ta share shi ba, kuma ba za ta taɓa share shi ba.

“Shina nan, Baba, ban taɓa mai ko gashi ba. Amma kai da ƙahwarka ka taka har ƙarshen layi, kowa na kallo. Shi ma shi tako da tashi ƙahwar.”

Ta rufe laftof ɗin. Dogo ya mayar da malfarsa ya gangara, don fasinja na jiransa.